Yankan karo da dutse a bushe: ta ina ake tare ƙurar?

Tambaya daga wani magini a Garin Malam, Damagaram: "Malam, ni aikina ɗora karo ne, ina da yara uku da ke aiki ƙarƙashina. Da injin hannu muke yanka karo da bulo, wani lokaci har dutsen teburin kicin, galibi a cikin ɗaki, har mu fito fari fat. Muna ɗaura rawani a hanci, in an tashi mu sha nono. Yayana ya yi shekaru yana fasa dutse, an yi masa maganin tarin fuka sau biyu amma numfashinsa bai dawo ba. An ce mu riƙa yanka da ruwa, to ga tsadar ruwa a garin nan, ga tsoron wuta. Mene ne gaskiyar abin?"

Allah ya ba yayanka lafiya, ya tsare ku kai da yaranka. Wanda ya ce maka ku yanka da ruwa ya gaya maka gaskiya, kuma ita ce maganar da ta fi kowace nauyi a cikin duk abin da zan faɗa. Wannan ƙura a bakin faifan yanka ake tare ta, tun ba ta tashi ba. In ta riga ta shiga iskar ɗaki, duk abin da za ka yi daga baya rage asara ne kawai.

Abin da ke cikin ƙurar

Duwatsun da garin nan ya zauna a kansu, irin waɗanda ake gani a kewayen Birni, giranit ne, kuma wajen kashi 20 zuwa 45 cikin ɗari na jikinsu wani ma'adini ne mai tauri da ake kira silika. Shi ne dai ƙwayar yashi. Saboda haka yana cikin kankare da kwaɓin siminti, inda yakan kai kashi 25 zuwa 70, yana kuma cikin karo wajen kashi 30 zuwa 45. Dutsen teburin kicin sai ka bincika irinsa. Marmara ta asali silikarta kaɗan ce ƙwarai, amma akwai wanda ake haɗawa a masana'anta da niƙaƙƙen kwats, wato dutsen silika, da danƙo, shi kuwa yakan wuce kashi 90. Wannan na ƙarshe ya lalata huhun samari masu yankansa har ƙasar Ostireliya ta hana aiki da shi daga watan Yuli na 2024. In aka kawo maka shi, kada faifai ya taɓa shi a bushe ko da na minti ɗaya ne.

Farar ƙurar da kuke gani a gira da gashin hanci ba ita ce ta fi ba ni tsoro ba. Manyan ƙwayoyi ne, hanci da maƙogwaro na kama yawancinsu, a fyace ko a tofar. Mai yin ɓarnar ita ce wadda ba ta kai maikuron 5 ba, alhali kaurin gashin kai ɗaya yana wajen maikuron 70, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ido ba ya ganinta, ba ta da wari, ba ta sa atishawa. Takan wuce har ƙarshen huhu, cikin ƙananan jakunkunan da iska ke haɗuwa da jini. Can akwai ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye duk baƙon abu su narkar da shi. Silika ba ta narkewa. Ƙwayar garkuwar da ta haɗiye ta sai ta mutu, silikar ta fito, wata ta sake haɗiya, wurin ya yi ta kumburi har ya zama tabo. Tabo kuwa ba ya buɗewa ya ɗauki iska. Wannan ita ce cutar silikosis, kuma har yau babu maganin da ke mayar da tabon ya koma huhu.

Galibi sai bayan shekara 10 ko fiye take bayyana, shi ya sa yaro mai shekara ashirin yake ganin ba abin da ya same shi. Amma in ƙurar ta yi yawa, cikin shekara 5 zuwa 10 ma tana kama mutum, wani lokaci ƙasa da haka. Kuma tana iya ci gaba bayan mutum ya bar aikin.

Nakan ji masu aiki suna cewa ai mu ƴan Damagaram ƙura muke shaƙa tun haihuwa, hunturu kaɗai ya ishe mu. Ƙurar hunturu ba lafiya ba ce, amma tsohuwa ce, iska da rana sun daɗe suna goge ta. Wadda faifai ya tsaga yanzun nan sabon fashi ce, fuskarta ta fi cin naman huhu, kuma tana fitowa ne kamu biyu daga hancinka.

Mu yi lissafi da ɗaki ɗaya

Ɗauki ɗaki mai mita 4 da mita 4, tsayinsa mita 3. Iskar cikinsa mita kubik 48 ce. Karonka mai santimita 60 ne, kaurinsa santimita 1, faifan kuma yana cin milimita 2. Yanka ɗaya daga gefe zuwa gefe yana mayar da kusan giram 30 na karo ya zama gari, kuma wajen giram 10 a ciki silika ce. In kun yi yanka 40 a wuni, kun niƙa fiye da kilo ɗaya.

Ma'aunin da Tarayyar Turai ta sa shi ne kada siririyar silika ta wuce miligiram 0.1 a kowace mita kubik ta iska, in an daidaita a kan awa 8 na aiki. Amurka ta sauke nata zuwa rabin haka a 2016. To mu ƙaddara cewa daga giram 10 ɗin nan kashi ɗaya cikin dubu kawai ya zama siririyar ƙura ya rataya a iska. Miligiram 10 ke nan. Raba shi cikin mita kubik 48, ka samu wajen 0.2, ninki biyu na ma'aunin, daga yanka ɗaya tak. Kafin wannan ta kwanta kun yi na biyu da na uku. Ga shi kuma ba ta saurin kwanciya: ƙwaya mai maikuron 4 takan ɗauki kamar minti 20 kafin ta sauko daga tsayin hanci zuwa ƙasa in iska ba ta motsi, mai maikuron 1 kuwa sai ta yi awa biyar. Wato lokacin da kuka ga ɗaki ya washe kuka kwance rawani kuka zauna cin abincin rana a ciki, tana nan.

Kana iya gani da idonka. Ka rufe taga bayan an gama yanka da rabin awa, ka haska tocila mai ƙarfi a gicciye, ka tsaya daga gefe ka dubi hasken. Ina yawan yi wa masu aiki wannan, domin ya fi dogon bayani shiga zuciya. Sai dai in ba ka ga komai ba, ba shaida ba ce cewa iskar ta tsarkaka. Na'urar awo da ake rataya wa ma'aikaci a wuyan riga ce kaɗai ke faɗin adadi.

Ruwa: nawa, kuma ta yaya

Kafin ruwa ma akwai abin da ya fi shi araha. Miƙaƙƙen yanka a karo ba ya buƙatar injin wuta. Abin tsaga karo na hannu, mai ɗan ƙaramin wili da ke jan layi sannan a danna karon ya rabu, kusan ba ya ta da ƙura, ba ya shan wuta, ba ya shan ruwa. A yanka 40 ɗin nan, da wuya miƙaƙƙu su kasa 30. Waɗanda suka rage su ne na kusurwa, da ramin famfo, da na soket. In za ka sayi kaya ɗaya a bana, wannan nake so ka saya, mai tsawon da ya wuce karon da ka fi aiki da shi, kuma ka riƙa canza wilin in ya dakushe, don dakusasshen wili ne ke fasa karo har mutum ya yi fushi ya koma wa inji.

Ga sauran yankan, ƙa'idar da ake bi a injinan yankan kankare ita ce aƙalla rabin lita na ruwa a kowane minti, yana zuba ba yankewa, daidai inda faifai ke cin abin. In kowane yanka minti ɗaya ne, yanka 40 lita 20 ne, bai cika bido ɗaya na lita 25 ba. In abin tsagawa ya ɗauke 30, lita 5 ta ishe ka, ka ƙara wasu don wanki da share ƙasa. Na san darajar ruwa a garin nan, na san yadda ake layi a famfo in bazara ta yi zafi, ban raina kuɗin bido ba. Amma ka sa shi cikin jingar aikin kamar yadda kake sa siminti. Kuma ba sai ruwan sha ba. Na tafki ko na rijiya ya isa in an tace shi da ƙyalle don kada ya toshe tiyo. Wanda ya zuba kuma ana tara shi a rabin tano, a bar shi ya kwana, da safe a tsiyaye na sama a sake aiki da shi. Ruwan yana sanyaya faifai, sai ya fi daɗewa, gefen karo ma ya fi fita sumul.

Kuskuren da na fi gani shi ne a tsoma karo a ruwa, ko a watsa masa sau ɗaya, sannan a yanka. Da faifai ya shiga milimita biyu ya isa busasshen ciki, ƙura ta dawo kamar ba a yi komai ba. Alamar ruwa ya isa ita ce abin da ke fitowa daga yankan ya zama ruwan laka mai gudu. In ka ga hayaƙin fari, ko laka mai kauri tana dunƙulewa, ruwan ya yi kaɗan ko ba ya sauka wurin da ya dace. In an yi shi daidai, yakan rage ƙurar da wajen kashi 90 cikin ɗari.

Tsoron wutar da kake yi kuwa yana kan hanya, kada kowa ya raina maka shi. Injin hannu na yau da kullum ba don ruwa aka ƙera shi ba, yana zuƙar iska ta ramukan jikinsa don ya huce, in ya zuƙi ruwa zai iya jan mai riƙe da shi. Yadda ake sa yaro ya tsaya da gorar roba yana tsiyaya ruwa a kan faifai, ga waya a kwance cikin laka an haɗa ta da leda, ga mutum ba takalmi, wannan ba zan ce maka ka yi shi ba. Abin da ya dace shi ne teburin yankan karo mai kwanon ruwa a ƙasa, wanda faifansa ke ɗebo ruwan da kansa kuma motarsa a rufe take. Shi ne ma ya fi tattalin ruwa, tunda ruwa ɗaya ke zagayawa. In ya fi ƙarfin aljihunka kai kaɗai, ku haɗa kuɗi da abokan sana'a biyu ko uku, ko ka yi hayarsa ranar babban aiki. Akwai kuma injin hannu da aka yi shi da bakin tiyo tun daga masana'anta. Kowanne ka samu, a haɗa shi ta na'urar yanke wuta mai lamba 30 mA, wadda ke katse wuta nan take in ta fara bi ta jikin mutum. Mai gyaran wuta ya san ta. A rataye waya sama, mahaɗarta nesa da ruwa, mai yanka ya sa takalmin roba. Ko da janareto kuke aiki haka dokar take.

Lakar da ta taru ita ce ƙurar gobe. In ta bushe a tsakar gida, tsintsiya ɗaya ta tashe ta. A kwashe ta tana ɗanya, a zuba a rami a rufe. Ƙasan ɗaki a yayyafa ruwa kafin shara, kuma kada a hure wurin aiki ko tufafi da iskar inji. Rigar aiki a cire ta a wurin, a jiƙa kafin a wanke, kada a kai gida a kakkaɓe kusa da iyali.

Iska, in ruwa bai yiwu ba

Akwai aikin da ruwa ba ya shiga, kamar tsaga bango don binne wayar wuta a gidan da aka riga aka gama. Maganinsa na gaskiya shi ne murfi a kan faifai wanda aka haɗa da injin zuƙar ƙura mai ajin M ko H. Injin shara na gida ba ya yi, domin siririyar ƙurar tana ratsa matacinsa ta fito ta baya, ya ƙara watsa ta. In ba ku da wannan, duk abin da zai ɗauku a fitar da shi waje a yanka. Mai yanka ya tsaya iska na bugun bayansa ko gefensa, tana kwashe ƙurar gaba. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma, saboda haka wurin da ka kafa teburi a watan Janairu ba lalle ya dace a watan Yuli ba. Ka duba kuma wa ke ƙarƙashin iskar: mai kwaɓa siminti, mai tuyar ƙosai a bakin hanya, ko tagar maƙwabta.

In dole sai cikin ɗaki, a sa fanka mai ƙarfi a bakin taga tana hurawa waje, a buɗe ƙofar da ke fuskantarta don sabuwar iska ta shigo, a toshe gefen fankar da kwali. Wurin yankan ya kasance tsakanin mutum da fankar, kada mutum ya shiga tsakanin yankan da taga. Fankar sama ko wadda aka juya cikin ɗaki gauraya ƙurar kawai take yi. Kuma ka sani, fankar taga ragewa take yi, ba ta kai ɗaki ga ma'aunin da na ambata in ana yanka a bushe. A bar ta tana aiki bayan an gama, kowa ya fita, wanda ba shi da aiki a ɗakin tun farko kada ya shiga.

Rawani, takunkumi da nono

Ramukan saƙar rawani sun fi ƙwayar nan girma nesa ba kusa ba. Yana tare manyan, shi ya sa kake ganin ya yi fari ka ɗauka ya yi aiki. Shuɗin takunkumin asibiti ma iska na shiga ta gefensa. Wanda ake nema shi ne mai rubutun FFP3 a jikinsa, in ba a samu ba FFP2 ko N95, mai igiya biyu da ke zagaya kai da ƙarfen matse hanci. In ka sa, ka rufe shi da tafin hannu biyu ka fitar da numfashi da ƙarfi. In ka ji iska a ido ko kumatu, bai zauna ba. Cikakken gemu yana hana shi kama fuska. Ba ina cewa kowa ya aske ba ne, ina cewa mai gemu kada ya dogara da takunkumi, shi ne ya fi kowa buƙatar ruwa da abin tsagawa. Na ajiye takunkumi a ƙarshe domin na san zafin watan Afrilu: ba mai iya wuni da shi a matse, gumi na jiƙa shi, a sauke shi ƙarƙashin haɓa. A sa shi lokacin yanka da shara, tare da ruwan, a canza in ya jiƙe ko numfashi ya fara nauyi.

Nono abinci ne mai kyau, ku sha. Amma ciki yake tafiya, ƙurar kuwa tana huhu, hanyarsu ta rabu tun daga maƙogwaro.

Maganar yayanka

Ba zan iya faɗin abin da ke damunsa ban gan shi ba, amma labarinsa irin wanda ke sa mu tuna da silikosis ne. Ita da tarin fuka suna tafiya tare. Ƙwayoyin garkuwar da silika ke kashewa su ne masu yaƙi da ƙwayar tarin fuka, shi ya sa mai silikosis ya fi sauran mutane kamuwa da wajen ninki uku, kuma yakan sake kamuwa. A hoton ƙirji ma suna kama da juna, duka biyu sun fi son saman huhu. Saboda haka mai yiwuwa ya yi tarin fukan da gaske ya warke amma tabon dutse na nan, mai yiwuwa kuma tarin ya dawo.

Ku kai shi babban asibitin Damagaram ko cibiyar da ake gwajin tarin fuka, da tsofaffin hotunansa da katin maganinsa. Tun kafin a tambaye shi ya faɗa wa likita shekara nawa ya yi yana fasa dutse, da guduma ne ko da injin haƙa, ko kusa da injin niƙa. Likita ba zai nemi silikosis ba in bai san sana'ar mutum ba. A yi gwajin majina, a ɗauki sabon hoto a gwada da na da, in akwai halin gwajin hura iska a yi. In majina ta nuna tarin fuka, a sha maganin har ƙarshe yadda aka tsara. In ba ta nuna ba, kada a sayi maganin a kasuwa a sake farawa. Ko da silikosis ce akwai abin yi: ya bar ƙura gaba ɗaya, ya bar taba in yana sha, ya nisanci hayaƙin itace, a ba shi abin sauƙaƙa numfashi in likita ya ga ya dace, kuma duk tarin da ya wuce sati biyu, ko zazzaɓin dare da gumi da rama, ko jini a majina, a koma asibiti ba jira. Tun 1997 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa wannan ƙura cikin abubuwan da ke jawo sankarar huhu, wannan ma dalili ne na kada a yi sakaci da sabon tari.

In akwai ƴan'uwa da suka rage a wurin fasa dutsen, inda ƙurar ta fi yawa shi ne haƙa ramin nakiya a bushe, bakin injin niƙa, da tankaɗe tsakuwa da loda ta. A jiƙa tulin kafin tankaɗe da lodi, a zauna sama da iska, a sa ruwa a ramin haƙa. Matan da ke fasawa da guduma su yi ƙoƙari kada goyo ya wuni a bayansu a wurin, a samu mai riƙon yara nesa da tulin, ko da karɓa-karɓa ne tsakaninsu.

Kai ma, in ka kai shekara goma kana wannan yanka a bushe, ka je a ɗauki hoton ƙirjinka ko ba ka jin komai, ka ajiye shi don a samu abin gwadawa nan gaba. Hoto mai kyau ba ya nufin ƙurar ba ta shiga ba, farkon cutar ba lalle ya fita a hoto ba. Yaran nan uku kuwa amana ce a hannunka, kuma galibi ƙaraminsu ake bar wa yanka da shara, wato shi ya fi kowa shaƙa. Ka koya masa abin tsagawa da teburin ruwa da hannunka, ka tsaya a kansa har ya iya, kuma ranar da ruwa ya yanke a ɗaga yankan inji zuwa washegari, a yi ɗori da miƙaƙƙen tsagi a ranar.